Yadda ake tuɓe wa takardar Word ado kafin a zuba ta a fom ɗin intanet

Akwatin da ake cewa ka zuba rubutu a cikinsa a fom ɗin neman aiki ko na tallafin karatu, haruffa kawai yake karɓa da sarari da alamar sauka layi, shi ke nan. Kaurin rubutu, karkatacce, jan layi a ƙasa, girman font, kala, tebur, hoto, duk wannan Word ce take riƙe da shi a cikin fayil ɗinta, kana liƙa rubutun a fom zai zube ko kana so ko ba ka so. Toh tunda dai zubewa zai yi, gara kai ka cire shi da hannunka kana kallo, domin matsalar ba ta adon ba ce, matsalar ita ce sau da yawa akwai ma'ana da take rataye a jikin adon, idan ya faɗi sai ya tafi da ita ba ka sani ba. Duk aikin da zan nuna maka a nan abu ɗaya ne, duk abin da ado yake faɗa a da, yanzu ka sa haruffa su faɗe shi.

Bari mu ɗauki takarda ɗaya mu bi ta har ƙarshe. A ce bayanin kai ne na neman tallafin karatu, shafi ɗaya da rabi, akwai kan magana guda uku masu kauri, akwai jerin ayyukan da ka taɓa yi da ɗige-ɗige a gefe, akwai ƙaramin tebur na makarantu da shekaru, da linki ɗaya zuwa wani aikinka, sunanka kuma da sunan garinku suna da ƙ da ɗ. Fom ɗin ya ce kada a wuce haruffa 3000.

Kafin komai ka yi kwafin fayil ɗin. Ka shiga File, Save As, ka ba shi wani suna, a kan wannan kwafin za ka yi ɓarnar da za ka yi, asalin kuma ka bar shi da adonsa don wata rana za a ce ka tura PDF. Idan wani ya taɓa duba maka takardar da Track Changes, ka je Review, ka danna kibiyar da ke jikin Accept ka zaɓi Accept All Changes bayan ka duba gyaran, sannan ka goge duk wani sharhi da ya bar maka a gefe. Wannan ba abin tsallakewa ba ne fa, rubutun da aka soke da jan layi yana nan a cikin takardar har sai ka amince da sokewar, kuma zai iya bin ka ya shiga fom ya cakuɗe da sabon.

Daga nan ka danna `Ctrl+Shift+8`, ko maɓallin nan mai alamar ¶ a Home. Nan take za ka ga abubuwan da Word take ɓoyewa, ɗigo a tsakanin kalmomi shi ne sarari, ƙaramar kibiya mai kallon dama ita ce Tab, alamar ¶ ƙarshen sakin layi, kibiya mai lanƙwasa kuma sauka layi ne da aka yi da `Shift+Enter`. Mutane da yawa a nan ne suke fara ganin ashe da sarari ashirin suka tura kwanan wata zuwa gefen dama, ko Enter biyar suka buga don su sauka sabon shafi. Duk waɗannan haruffa ne, fom zai ƙirga su.

Yanzu sai babban aikin, wato mayar da ma'ana cikin haruffa, kuma a Word ake yin sa tun adon yana nan kana ganin abin da yake nunawa.

Kan magana mai kauri idan kaurin ya tafi zai koma kamar kowace jimla, mai karantawa ba zai gane nan aka shiga sabon batu ba. Ka haska shi ka danna `Shift+F3` har ya koma manyan haruffa, ka bar shi a layinsa shi kaɗai. Kalmar da ka karkatar a tsakiyar jimla, idan sunan wani aiki ne ko wata mujalla ka sa ta cikin alamar zance, idan kuma don nanatawa ne kawai ka yi, ka sake gina jimlar yadda nauyin zai faɗa kan kalmar da kansa, ko ka haƙura. Ni ba na son sa taurari a gefen kalma, a WhatsApp ne tauraro yake zama kauri, a fom tauraro zai zauna a matsayin tauraro kuma ya ɓata takarda.

Linki shi ne abin da aka fi yin asararsa. Idan ka rubuta "duba aikina a nan" ka ɓoye adireshin a ƙarƙashin kalmar, kalmar ce kawai za ta wuce, adireshin ba zai bi ta ba. Ka danna dama a kansa, Edit Hyperlink, ka kwafe abin da ke cikin Address ka rubuta shi a fili cikin jimlar. Ka bar sarari bayansa kafin aya, don kada mai kwafa ya haɗa da ayar linkin ya ƙi buɗewa.

Ƙananan lambobin da ake ɗagawa sama su ma ka nemo su. Idan ka rubuta 10 da ƙaramin 6 a samansa kana nufin miliyan ɗaya, a fom zai sauko ya zama 106, kuma babu abin da zai gaya maka an canza lissafin. Ka rubuta 1,000,000 ko 10^6. Haka lambar ƙarin bayanin ƙasan shafi, za ta iya manne wa kalma ko shekara, shi kuma bayanin a bar shi a baya, don haka idan yana da muhimmanci ka ɗauko shi ka sa a cikin jimla, idan ba shi da shi ka goge. Abin da ke cikin Header da Footer da Text Box kuwa kada ka sa ran zai biyo ka, masu CV irin na zamani da suke sa lambar waya da imel a cikin akwati a saman shafi su suka fi faɗawa wannan, sai ka kwafo shi daban ka sa a jikin rubutun.

Sai tebur. Idan ka kwafe shi yadda yake, Tab ne zai shiga tsakanin kowane gida da na kusa da shi, a fom kuma ko dai Tab ɗin ya koma sarari ɗaya ko layukan su karkace ba wanda ya daidaita da wani, kuma kada ka ce za ka daidaita da buga sarari, ba zai zauna ba saboda font ɗin da mai karantawa zai gani ba naka ba ne. Ka danna cikin teburin, ka je Layout na tebur, wanda a sabuwar Word ake kira Table Layout, ka danna Convert to Text, a ƙarƙashin Separate text with ka zaɓi Commas. Kowane jere zai zama layi ɗaya. Sai ka gyara da hannu, ka goge layin saman da ke ɗauke da sunayen gidaje, ka tabbatar kowane layi zai iya tsayawa da kansa, kamar haka:

```
2014-2018: Digiri na farko, Kimiyyar Noma
2019-2020: Hidimar ƙasa, koyarwa
```

Idan teburin yana da gida biyar ko shida, ka mayar da shi jimloli kawai, ya fi sauƙin karantawa.

Ɗige-ɗigen jeri kuma idan ka kwafa suna zuwa ne da alamar • da Tab a bayanta. Wasu fom ɗin suna karɓa lafiya, wasu su mayar da ita alamar tambaya ko ɗan akwati, musamman idan irin ɗigon nan ne na kwalliya kamar kibiya ko alamar maki, domin waɗannan daga font ɗin Wingdings ko Symbol suke, a wajen font ɗin ba su da wannan siffar. Ka haska jerin, ka kashe maɓallin Bullets, ka sa gajeren jan layin kibod da sarari ɗaya a farkon kowane layi. Idan Word ta yi maka karambani ta sake mayar da shi ɗigo, ka danna `Ctrl+Z` sau ɗaya nan take zai dawo yadda ka rubuta.

Toh yanzu sharar abubuwan ɓoye. Danna `Ctrl+H`, akwati biyu ne, Find what da Replace with. Word tana da lambobin da take kiran waɗannan abubuwan da su:

```
^p   ƙarshen sakin layi
^l   sauka layi na Shift+Enter
^t   Tab
^s   sarari mai riƙe kalma biyu
^m   tsallake shafi
^-   jan layin raba kalma na ɓoye
```

Jerin yadda za ka bi yana da muhimmanci. Fara da `^l` ka mayar da shi `^p`, haka `^m` ma ka mayar da shi `^p`. Sai `^t` ka mayar da shi sarari ɗaya, `^s` ma sarari ɗaya, wato ka buga sarari sau ɗaya a akwatin ƙasa ko da ba ka ganin komai a ciki. `^-` kuwa ka bar akwatin ƙasa wayam ka danna Replace All. Bayan nan ka sa sarari biyu a sama, ɗaya a ƙasa, ka yi ta danna Replace All har Word ta ce ta canza 0. Sai `^p^p` a sama, `^p` a ƙasa, shi ma ka maimaita har layukan banza su ƙare, idan ya tsaya yana ta ce maka 1 to na ƙarshen takarda ne, ka goge shi da hannu.

Yanzu takardar ta matse, babu layin banza ko ɗaya, sai ka juya abin sau ɗaya tak, `^p` a sama `^p^p` a ƙasa. Dalili shi ne tazarar da kake gani tsakanin sakin layi a Word yawanci ba layi ba ne, saitin Spacing ne, shi ma ado ne kuma zai tafi, idan ba ka sa layin banza na gaske ba duk rubutunka zai haɗe ya zama dunƙule ɗaya. Wannan zai sa tazara har a tsakanin layukan jeri da na tebur, sai ka bi ka cire su da hannu a nan, ba su da yawa.

Akwai wani yanayi daban, idan asalin rubutun daga PDF ko imel aka kwafo shi, za ka ga ¶ a ƙarshen kowane layi, har a tsakiyar jimla. Irin wannan idan ya shiga fom sai ka ga layi dogo, layi gajere, dogo, gajere. Shi kafin ka matse layukan banza za ka gyara shi, in dai akwai layin banza tsakanin sakin layukan:

```
^p^p  ->  @@@
^p    ->  (sarari ɗaya)
@@@   ->  ^p^p
```

Ka ɓoye ainihin rabuwar sakin layi a cikin wata alama da ba ta cikin rubutun, ka haɗe sauran, sannan ka dawo da ita. Idan babu layin banza tun asali, sai ka bi ka ƙara Enter a ƙarshen kowane sakin layi tukuna.

An gama da Word. `Ctrl+A`, `Ctrl+C`, ka buɗe Notepad, `Ctrl+V`. Abin da ka gani a nan kusan shi ne abin da fom zai karɓa, don haka ka karanta shi daga farko har ƙarshe da idon wanda bai taɓa ganin asalin ba. Wasu suna tsallake Notepad su danna `Ctrl+Shift+V` kai tsaye a burauza, eh yana liƙa rubutu zalla, amma bai ba ka wurin dubawa ba kuma ba ya taɓa alamomin da zan faɗa yanzu.

Word tana canza maka wasu haruffa kana cikin rubutu. Alamar zance ta kibod miƙaƙƙiya ce, ita kuma sai ta lanƙwasa ta, ɗigo uku ta haɗe su su zama harafi ɗaya, jan layi ta tsawaita shi, 1/2 ta mayar da shi ½. Waɗannan ba ado ba ne, haruffa ne daban, shi ya sa Notepad ba ta cire su. Mu masu rubuta Hausa abin ya fi shafarmu saboda wannan ɗan waƙafin sama yana ko'ina, ma'aikaci, jami'a, sana'a, 'ya'ya, kuma a kalma irin 'yan da take farawa da shi Word takan juya shi ta baibai kamar buɗe zance. A Notepad ake maganinsu da sauƙi, domin idan ka gwada a Word za ta sake lanƙwasa su tana canzawa sai ka kashe saitin AutoCorrect tukuna. Ka kwafi lanƙwasasshe ɗaya daga rubutun, `Ctrl+H`, ka liƙa a sama, ka buga na kibod a ƙasa, Replace All. Guda huɗu ne, na buɗewa da na rufewa a masu ɗaya, na buɗewa da na rufewa a masu biyu. Haka za ka yi wa dogon jan layi da ɗigo ukun. Alamar ₦ kuma ka rubuta Naira ko NGN ka huta.

Sai ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Fom ɗin da aka gina da kyau yana karɓar su ba matsala. Wanda ba a gina da kyau ba kuma alamarsa a bayyane take, bayan ka ajiye za ka ga ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, lanƙwasasshen waƙafin sama ya koma â€™, ko kuma duk su koma alamar tambaya. Idan irin tarkacen farko ne, an karanta rubutun UTF-8, wato tsarin ajiye rubutu da yake ɗaukar haruffanmu masu lanƙwasa, da tsohon tsarin haruffan Turai ta Yamma ne, idan alamar tambaya ce to harafin ya riga ya salwanta. Yadda za ka sani kafin ka tura shi ne ka rubuta ɗan gwaji a akwatin, kamar "ƙasa ɗaya ɓera", ka danna Save ko Preview idan akwai, ka fita ka dawo ka duba. Ganinsa daidai lokacin da kake bugawa ba hujja ba ne, a lokacin bai bar burauzarka ba. Idan ya lalace, ka mayar da su k, d, b a Notepad tare da kunna Match case don manya su tafi ga manya, sannan ka sake karanta jimlolin da cire lanƙwasar za ta iya rikita su, kamar kafa da ƙafa. A gidan suna kuwa ka rubuta daidai yadda yake a fasfo ko katin shaidarka.

Akwai kuma tsofaffin takardun da aka buga da font ɗin Hausa na da, irin su Rabi'at da Abdalla. A cikinsu ba ainihin ƙ ba ce, wani maɓalli ne aka zana masa siffar ƙ, font ɗin yana tafiya sai gaskiya ta fito, ka ga }asa da ]aya da ~angare, a wasu font ɗin kuma qasa da xaya da vata. Nan ma Replace ne, ka duba wace alama ce take tsaye a madadin wane harafi ka canza ɗaya bayan ɗaya. Amma da q, x, v kada ka danna Replace All idan akwai Turanci a rubutun, zai ɓata maka duk kalmar da ke da v, ka bi da Replace ɗaya-ɗaya.

Idan ka fi son hanyar Save As ka zaɓi Plain Text (*.txt), ba laifi, amma akwatin File Conversion da zai fito kada ka danna OK da sauri. Windows (Default) ba ya ɗaukar haruffanmu masu lanƙwasa, za ma ka ga Word ta yi musu ja a samfurin da take nunawa. Ka zaɓi Other encoding, sannan Unicode (UTF-8), kuma kada ka sa maki a Insert line breaks, shi ne yake karya layi a duk inda shafin ya ƙare maka da shi. A Google Docs kuma File, Download, Plain text (.txt) ne. Mai aiki da waya zai iya bin wannan hanyar ta kwafa zuwa manhajar ajiye rubutu, kuma idan ka danna ka riƙe a akwati wayoyin Android da yawa suna nuna Paste as plain text, amma sharar `^p` da tebur gaskiya a kwamfuta ta fi sauƙi, ko da ta shagon buga takardu ce.

Mu koma kan iyakar 3000. A Word `Ctrl+Shift+G` yana nuna ƙirge, wanda ya shafe ka shi ne Characters (with spaces). A ce ya nuna 2,960, kana ganin kana da ragowar 40. Amma Word ba ta ƙirga alamar ƙarshen sakin layi, fom kuwa yana ƙirgawa. Idan rubutunka kashi 12 ne da layin banza tsakaninsu, rabuwa 11 ke nan, kowace da sauka layi biyu, 22, ka kai 2,982. Sannan lokacin turawa burauza takan aika kowane sauka layi a matsayin harafi biyu, idan can ciki haka ake ƙirgawa ya zama 44, ka kai 3,004, wato ka wuce alhali ƙirgen da ke ƙasan akwatin yana ce maka da saura. Wasu kuma nauyin rubutun suke aunawa ba yawan haruffa ba, inda ƙ take cin biyu, lanƙwasasshen waƙafi uku. Shi ya sa nake cewa ka tsaya a wajen 2,850 zuwa 2,900. Abin da ya fi ƙin karɓa muni shi ne akwatin da yake yanke wutsiyar rubutu shiru, ka liƙa ya ɗauki abin da ya isa ya zubar da saura ba tare da ya ce komai ba, don haka kana liƙawa ka danna `Ctrl+End` a cikin akwatin ka tabbatar kalmarka ta ƙarshe tana nan da ayarta.

Ka kula da alamomin < da > ma, wasu fom ɗin suna ɗaukar abin da ke tsakaninsu a matsayin lambar shafin intanet su share shi, ko su ƙi karɓar rubutun gaba ɗaya, ka rubuta "ƙasa da" da "sama da" da kalmomi. Alamar & kuma wani lokaci takan fito a matsayin `&amp;`, ka sa "da" ko "and" a madadinta.

Idan ka duba Preview ka ga duk sakin layukan sun haɗe duk da layin banzan da ka sa, ko akwatin ma layi ɗaya ne siriri wanda ba ya karɓar Enter, to ƙara Enter ba zai yi amfani ba. Sai ka gyara rubutun yadda zai karantu a dunƙule, kan magana da manyan haruffa da ɗigo biyu a bayansa, jerin kuma ka sa masa 1), 2), 3) a cikin jimla ka raba da waƙafi mai ɗigo. Kada ka yi wannan gyaran a cikin fom ɗin kansa, shafukan nan suna fitar da mutum idan ya daɗe, ko netwok ya ɗauke ka rasa abin da ka buga. Ka yi shi a Notepad, ka ajiye fayil ɗin da UTF-8 a gidan Encoding, daga can ka sake kwafowa ka liƙa, ka duba farko da ƙarshe da sunanka sannan ka danna Submit.